Yadda ake zana taswirar minti talatin ta asibiti: a ƙafa da kan abin hawa

Wannan taswira tana amsa tambaya ɗaya: daga waɗanne unguwanni da ƙauyuka mutum zai iya isa asibitin nan cikin minti 30? Yawanci a ofis akan ɗora tsinken kamfas a kan asibiti a zana da'irar kilomita 5, a ce duk wanda ke ciki yana kusa. Amma da'ira ba ruwanta da kwari ko rafi ko dutse, kuma duk wanda ya san Gombe ya san unguwa biyu za su iya hango juna alhali kwarin da zaizaya ta haƙa a tsakaninsu ya mai da tafiyar minti biyar ta koma ta rabin awa. Taswirar minti talatin hanya take bi, shi ya sa siffarta kan fito da rassa, doguwa ta gefen kwalta, gajeruwa ta gefen burji.

Zan bi da kai yadda nake yin ta ga ƙaramin asibitin mazaɓa a jihar Gombe. Danne-dannen kwamfutar ba su da wuya. Inda aikin yake shi ne gudun da ka ba kowace hanya, da ko hanyar tana cikin taswirar tun asali.

Kayan aiki

Kwamfuta, ko da tsohuwar laftof ce, da manhajar zana taswira ta QGIS, wadda kyauta ce. A cikinta ka shiga Plugins, sannan Manage and Install Plugins, ka ɗora ORS Tools da QuickOSM. Sai wayar hannu mai GPS da manhajar da ke iya ajiye sawun tafiya, kamar OsmAnd. Sai agogo, littafi da biro, da ɗan acaɓa ɗan garin wanda ya san hanyoyin rani da na damina. Kana bukatar intanet a matakai uku na farko, sauran duk za su yiwu ba data. Idan kana son ƙidaya mutanen da ke cikin taswirar, sauke fayil ɗin yawan jama'a na Najeriya daga shafin GRID3 ko na WorldPop.

1. Samo ainihin wurin asibitin

Je ka tsaya a bakin ƙofar asibitin, a fili ba ƙarƙashin rufin kwano ba, ka ba wayar minti ɗaya ko biyu lambobin su daina rawa, sannan ka rubuta su. GRID3 na da jerin cibiyoyin lafiya da wurarensu, kuma yana da amfani, amma ka gwada shi da abin da ka ɗauka da hannunka. Wani lokaci ɗigon yakan faɗa tsakiyar gari alhali ginin yana bayan gari.

A nan akwai tarkon da ya fi kama mutanen yankinmu. Garin Gombe yana wajen 10.29 arewa, 11.17 gabas. Waya takan rubuta ta arewa da farko, QGIS kuma a wurare da yawa ta gabas take so da farko, wato X sannan Y. Mutumin Legas in ya juya lambobinsa zai ga ɗigonsa ya faɗa teku, nan take ya gane. Mu kuwa lambobinmu biyu sun yi kusa da juna, don haka in ka juya na Gombe ɗigon zai sauka cikin jihar Bauchi, wajajen Darazo da Misau, inda akwai hanyoyi da ƙauyuka, kuma manhajar za ta zana maka taswira mai kyau ta wurin da ba naka ba. Kafin ka ci gaba, buɗe taswirar OpenStreetMap daga XYZ Tiles a ƙarƙashin ɗigon, ka karanta sunayen garuruwan da ke kewaye da shi.

2. Zanen gwaji da ORS Tools

Yi rajista a shafin openrouteservice ka karɓi mabuɗin kyauta, ka liƙa shi a Provider Settings na ORS Tools. Daga Processing Toolbox buɗe ORS Tools, ka shiga rukunin Isochrones, ka zaɓi na ɗigo ɗaya. Danna kan asibitin, ka zaɓi foot-walking, a Dimension ka bar time, a gurbin zango ka rubuta 10,20,30. Maimaita da driving-car. Cikin ɗan lokaci za ka ga zobba uku-uku.

Wannan zane na duba ne kawai, kada ka kai shi taro. Na ƙafa yana ɗauka mai tafiya na cin wajen kilomita 5 a awa, tafiyar lafiyayyen saurayi ke nan da hannu rabbana. Na mota yana ɗaukar gudu daga matsayin hanya kamar yadda aka rubuta a OpenStreetMap, bai san ramuka ba, bai san ranar kasuwa ba. Sannan babu babur a jerin, alhali a ƙauyukanmu shi ne motar asibiti. Amfaninsa shi ne ya nuna maka inda taswirar hanyoyi ke da giɓi. In ka ga zoben ya yanke a gefen da ka san akwai hanyar da mutane ke bi kullum, to ba a zana hanyar ba, kuma aikinka ne a mataki na biyar.

3. Sauko da hanyoyin

Faɗaɗa allon har ya ɗauki aƙalla kilomita 30 ta kowane gefe na asibitin, domin mota mai gudun 60 a awa nisan da za ta ci ke nan a rabin awa. Buɗe QuickOSM, a Key rubuta highway, ka bar Value ba komai, ka zaɓi Canvas Extent, ka danna Run query. Leyar layuka kaɗai kake bukata. In ka sauko da ƙaramin yanki, taswirar mota za ta fito da gefe miƙaƙƙe kamar an yanka da reza, alamar hanyoyin ne suka ƙare ba lokacin ba.

Idan intanet ya ƙi, nemi wanda ke da data mai ƙarfi ya sauko maka da fayil ɗin Najeriya gaba ɗaya daga shafin Geofabrik a filashi. A wancan fayil sunan gurbin matsayin hanya fclass ne, ba highway ba.

Yanzu danna dama a kan leyar, Export, Save Features As, ka ajiye ta a GeoPackage, a CRS ka zaɓi EPSG:32632. Wannan shi ne tsarin awo na mita da ya dace da Gombe da Bauchi. In ka tsallake wannan, duk inda ka rubuta 300 kana nufin mita, manhajar za ta ɗauka digiri kake nufi.

4. Auna gudu da kanka

Wannan matakin ne mutane ke gudu saboda rana da ƙura, kuma shi ne taswirar. Hau bayan ɗan acaɓan nan, ka kunna ajiye sawu a waya, ku bi kowane irin hanya da ke fita daga asibitin: kwalta, burji, hanyar gona, da 'yar hanyar ƙafa da babur ke iya kutsawa. A kowane zango rubuta nisa da mintuna. Lissafin shi ne kilomita a raba da mintuna, a ninka da 60. Kilomita 3 cikin minti 9 gudun 20 ke nan a awa.

Ka gaya masa ya yi tuƙin da zai yi da ya ɗauko mace mai naƙuda da wata a baya tana riƙe da ita. In ba ka faɗa ba zai nuna maka gwaninta, ka dawo da lambobin da ba na majinyaci ba. Ku bi kowace hanya zuwa da dawowa, ka ɗauki wanda ya fi jinkiri. Inda kuka tarar da yashi har ya sauke ƙafafu yana tura mashin, ko inda fasinja ke sauka a tsallaka da ƙafa, tsaya ka ajiye ɗigo ka rubuta abin da ka gani.

Na ƙafa ma a auna. Ni nakan yi amfani da kilomita 3 a awa ga mai tsohon ciki, ko uwa mai goyo tana jan wani yaron, sai 4 ga mai jinya da ƙarfinsa. Bambancin ya fi yadda ake zato. Gudun 5 yana kai mutum kilomita 2.5 a rabin awa, gudun 3 kuwa kilomita 1.5. Da a fili ne ba shinge, na farko zai rufe murabba'in kilomita kusan 20, na biyu wajen 7 kacal. Lamba ɗaya da ka canza ta cinye kusan kashi biyu bisa uku na yankin. A wurare masu hawa kamar tsaunukan Tula a Kaltungo, ka auna hawan dabam, domin hanyar da QGIS ke lissafi ba ta san tudu ba sai ka rage gudun wannan zangon da hannunka.

Tambayi ɗan acaɓan da ma'aikatan asibitin abu biyu kuma. Wace hanya ce ke mutuwa in ruwa ya zauna a watan Agusta? Kuma in dare ya yi, minti nawa ake ɗauka kafin a samo mashin a tayar da mai shi? Rubuta amsoshin, za su shiga lissafi.

5. Gyara hanyoyin da suka ɓace

Ja fayil ɗin GPX na sawunka ka jefa cikin QGIS. Duk inda sawun ya bi kuma babu layi a ƙarƙashinsa, sai ka zana. Danna Toggle Editing a leyar hanyoyi, ka kunna Enable Snapping mai hoton maganaɗisu, tare da Topological Editing, sannan ka zana layin a kan sawun, a gurbin highway ka rubuta track ko path.

Kula da mahaɗa. Layi biyu da suka taɓa juna a ido ba lallai ne sun haɗu a lissafi ba. In sabon layinka ya tsaya mita ɗaya kafin kwalta, ko ya gitta ta ba tare da ɗigo na tarayya ba, manhajar za ta ɗauke shi hanyar da ba ta zuwa ko'ina. Za ka gane haka in sakamako ya fito kuma hanyar da ke dab da asibiti ba ta yi launi ba. Maganinsa shi ne ka gudanar da Split with lines, ka ba shi leyar hanyoyin a gurbi biyun, ya yanka kowane layi a inda wani ya gitta shi. Ƙananan giɓi kuma Topology tolerance na mita 2 zuwa 5 zai rufe su a mataki na bakwai. Kada ka kai shi 50, zai haɗa gaɓar kwari biyu kamar an gina gada.

6. Ba kowace hanya gudunta

Buɗe Field Calculator, ka ƙirƙiri sabon gurbi mai suna `gudu_babur`, nau'in Decimal number, ka rubuta:

```
CASE
WHEN "highway" IN ('trunk','primary','secondary') THEN 50
WHEN "highway" IN ('tertiary','unclassified') THEN 20
WHEN "highway" IN ('residential','track') THEN 15
ELSE 10
END
```

Lambobin nan na misali ne, ka maye su da waɗanda ka auna. Bayan haka bi zango-zango ka gyara na musamman da hannu: kwaltar da ta farfashe, wurin yashi, tsakiyar kasuwa. Matsayin hanya a OpenStreetMap yana faɗin muhimmancinta ne, ba lafiyarta ba, don haka za ka iya samun tertiary mai sabuwar kwalta da wata da ko tifa na shakkarta. In kana son taswirar mota dabam, yi wani gurbi `gudu_mota`, kuma ka cire path da footway daga kwafin leyar da ka ajiye a sabon fayil tukuna, tunda mota ba ta bin su.

Kwafi leyar zuwa sabon fayil da Export, Save Features As, ka sa mata suna ta damina. A cikinta yi amfani da Split Features ka yanke guntun da ke tsallaka rafi inda babu gada ko kwalbati, ka goge shi gaba ɗaya. Gogewa ta fi sa sifili a gurbin gudu tabbas. Sannan rage gudun burji da hanyar gona zuwa abin da ɗan acaɓa ya gaya maka.

7. Lissafin minti talatin

A Processing Toolbox, ƙarƙashin Network analysis, buɗe Service area (from point). Ba shi leyar hanyoyi. A Path type to calculate zaɓi Fastest. A Travel cost rubuta 0.5, domin da awa yake lissafi. Wanda ya rubuta 30 ya nemi tafiyar awa 30, sai ya ga duk hanyoyin sun yi launi. A Start point danna ƙofar asibitin. Buɗe Advanced Parameters, a Speed field zaɓi `gudu_babur`. Default speed yana zuwa da 50, kuma duk layin da gurbin gudunsa ya zama fanko wannan zai ɗauka, wato 'yar hanyar gona da ka manta za ta koma babban titi. Mai da shi 10.

Na ƙafa ya fi sauƙi: bar Speed field ba komai, ka sa Default speed 3. Gudanar da shi a leyar rani da ta damina, ƙafa da babur, ka sami sakamako huɗu.

Abin da zai fito layuka ne. Don mai da su fili, gudanar da Buffer na mita 300 ka danna Dissolve result. Mita 300 tafiyar minti 6 ce ga mai gudun 3, don haka gefen taswirar ya ɗan yi sassauci. A cikin gari inda tituna ke kusa da juna mita 100 ta isa. Guji Convex hull. Yana ɗaure ƙarshen rassan da zare ɗaya, ya haɗiye duk dajin da ke tsakaninsu, har da ƙauyukan da babu hanyar zuwa gare su.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce asibitin yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kilomita 2 na burji tsakaninsa da kwalta ta kudu. Babur a gudun 20 zai ci minti 6 kafin ya hau kwalta. Saura minti 24, a gudun 50 kilomita 20 ke nan ta kowane hannu. Don haka garin da ke bakin titi, kilomita 18 daga mahaɗa, yana ciki.

Ta arewa kuma hanyar gona ce mai gudun 15, ta tsallaka rafi a kilomita ta 4, ta kai wani ƙauye a kilomita ta 6. Da rani minti 24 ne, yana ciki da ƙyar. Da damina mashigin ya cika, dole mutanen ƙauyen su fita ta wata hanyar mai kilomita 5 ta laka a gudun 10 kafin su ga kwalta, minti 30 ɗin sun ƙare tun ba su fara nufo asibitin ba. Ƙauyen da ke kilomita 6 ya fita, garin da ke kilomita 20 yana nan ciki. Da'irar kamfas ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Yanzu shigo da lokacin neman mashin. In mutanen sun ce minti 10 ne, to tafiyar kanta minti 20 ta rage, sai ka sake lissafi da 0.333 a Travel cost. Reshen kwalta zai ragu daga kilomita 20 zuwa ƙasa da 12, ƙauyen arewa kuma ya fita ko da rani. A ganina wannan ita ce taswirar da ya kamata a ajiye a gaban masu tsara inda za a kai ungozoma ko motar ɗaukar masu naƙuda, domin agogon mai zubar jini daga gida yake fara bugawa. A ƙafa kuwa, kilomita 1.5 ba ta ma kai mai ciki bakin kwalta ba, taswirarta ƙauyen asibitin ce da rugage biyu ko uku da ke gefensa.

8. Ƙidaya mutane

Ɗora fayil ɗin yawan jama'a, ka buɗe Zonal statistics, ka ba shi filin da Buffer ya fitar, ka zaɓi Sum. Kowane ɗan murabba'i na fayil ɗin wajen mita 100 ne, kuma lambar da ke cikinsa ƙiyasi ce, don haka in ya ba ka 8,437 rubuta "kimanin 8,400". Rugagen makiyaya da sababbin matsugunai sukan kuɓuce masa. Idan asibitoci da yawa kake yi wa, haɗa filayensu da Dissolve kafin ƙidaya, in ba haka ba wanda ke kusa da asibiti biyu za a lissafa shi sau biyu.

9. Gwada ta da ƙasa

Zaɓi wuri biyu ko uku a bakin iyakar taswirar, ka je can ka taho asibitin da agogo a hannu. In ka iso tsakanin minti 25 da 35, gudunka ya yi daidai. In kullum kana wuce 40, koma mataki na shida ka rage.

Sai ka nemi izinin shugaban asibitin ka duba rajistar awon ciki ko ta rigakafi, gurbin sunan gari kawai, ba sunayen mutane ba. Ƙauyen da ke wajen taswira amma matansa na zuwa da yawa, galibi akwai yanken da ba ka zana ba, je ka tambaya. Wanda ke ciki kuma ba a ganin mutanensa, ko dai hanyar ta fi yadda ka ɗauka muni, ko suna zuwa wani asibitin, ko kuɗin acaɓa ne ya tsaya musu. Na ƙarshen nan taswira ba ta iya nuna shi, sai ka rubuta shi a gefe.

Idan babu kwamfuta sam

Ana iya yi da takarda. Samo taswirar mazaɓa, ko ka zana hanyoyin da ke fita daga asibitin a babbar takarda. Bi kowace hanya da agogo, ka tsaya daidai minti 30, ka rubuta sunan wurin da ka kai: gindin wace tsamiya, wane masallaci, gonar wa. Yi alama a takardar, ka ja layi a gefen kowace hanya har zuwa alamar, kada ka haɗa alamomin kai tsaye. Ya fi cin mai da lokaci, amma gudun da ke cikinsa na gaske ne.

10. Fitar da ita

Shiga Project, New Print Layout. Sa na ƙafa da launi mai duhu a sama, na babur mai haske a ƙasa, rani da damina a shafi biyu gefe da gefe da ma'auni iri ɗaya. Rubuta sunayen ƙauyukan da suka faɗa waje da manyan baƙaƙe, su ake nema. A ƙasan takardar rubuta gudun da ka ba kowane irin hanya, watan da ka auna, mashigan da ka goge, ko ka cire lokacin neman mashin, da cewa hanyoyin daga OpenStreetMap suke, wanda sharaɗin amfani da su ne. Ajiye fayil ɗin GeoPackage tare da hoton, domin ranar da aka gina kwalbati a mashigin arewa, guntun layi ɗaya za ka mayar ka sake danna Run.